Kofuna biyun da ke bayansa: amsa kan katin Kofuna Biyar da da-na-sani

"Anti barka da aiki. Ban daɗe da fara karatun katin tarot ba, wato katunan nan masu zane da ake shimfiɗa wa mutum a fassara masa, shekarata ɗaya da ɗan wani abu. Satin da ya wuce wata ta zo wurina, aurenta ya mutu wata huɗu ke nan, kuma ita ce ta nemi rabuwar, yanzu tana ta cin kanta da da-na-sani. Sai katin Five of Cups, wato Kofuna Biyar, ya fito mata a tsakiya. Na ce mata ta duba, ai kofuna biyu suna nan ba su zube ba, ga yaranta ga lafiyarta. Wallahi sai fuskarta ta canza, ta ce kowa haka yake gaya mata, ta tashi ta tafi ba mu gama ba. Me na yi ba daidai ba? Ba ma'anar katin ke nan ba?"

Ƙanwata, ma'anar katin kam kin faɗe ta daidai, ba ki yi ƙarya ba. Abin da ya ɓata zaman shi ne kin faɗe ta a minti na biyar, alhali wurinta minti na arba'in ne, kuma ko a can ɗin ma daga bakinta ya kamata ta fito. Ni ma na yi irin wannan a farkon farawata, ba sau ɗaya ba ma, don haka ba daga sama nake miki magana ba.

Ɗauko katin ki ajiye shi gabanki kafin ki ci gaba da karantawa, don kusan duk abin da zan faɗa yana cikin zanen. Ina magana ne kan katin da aka fi sani, wanda Pamela Colman Smith ta zana da jagorancin Arthur Edward Waite, aka buga a Landan a 1909. Mutum ne a tsaye cikin baƙar alkyabba doguwa har ƙasa, kansa a sunkuye, ba a ganin fuskarsa sosai. Gabansa kofuna uku sun kife, abin cikinsu ya malale a ƙasa, ja da kore. Bayansa kofuna biyu a tsaye. Sama duk toka-toka, babu rana babu gajimare mai fasali. Can nesa ga kogi, ga gada a kansa, ga wani gini a ɗaya ƙetaren.

To ki lura da inda kika zauna ke, da inda shi ya tsaya. Ke da kike kallon katin daga waje kina ganin kofuna biyar a lokaci guda, lissafin a wurinki mai sauƙi ne, uku sun tafi biyu sun rage. Shi mutumin da ke cikin zanen uku kawai yake gani, don biyun suna daidai ƙeyarsa, kuma babu wanda ya taɓa ganin ƙeyarsa da idonsa. Da kika ce wa matar nan "duba, ga biyu", kin yi mata magana ne daga kujerar mai kallo. Ita ko tana cikin alkyabbar. Abin da kunnenta ya ji shi ne "abin da kike kuka a kansa bai kai ki yi kuka ba", kuma wata huɗu ke nan tana jin wannan daga 'yan uwa da ƙawaye, ta zo wurinki ne da fatan za ta samu mutum ɗaya da zai tsaya kusa da ita ya kalli ukun nan tare da ita.

Shi kansa Waite a littafin da ya rubuta don bayanin katunan haka ya jero maganar: kati ne na asara, amma wani abu ya saura, an ɗauke uku an bar biyu. Asarar ya fara ambata. Ya kuma ce kati ne na gado, sai dai gadon da bai zo yadda aka zata ba, wannan ki riƙe shi, zan dawo kansa. A katunan Thoth na Aleister Crowley, waɗanda Frieda Harris ta zana, sunan da aka sa wa katin yana nufin ɓacin ran da ke zuwa in abin da ka sa rai bai samu ba, kuma can kofunan biyar ɗin duk wayam suke, babu wasu biyu da aka ware a matsayin ragowa. A tsofaffin katunan Marsai na ƙasar Faransa kuma kofuna biyar ne kawai a jere da ado, ba mutum ba kogi. Ina gaya miki wannan ne don ki san cewa zancen "biyu sun rage" na wannan zanen ne, in kika ɗauko wani jerin katin daban kika ɗora masa shi, kina karanta abin da babu a gaban mai kallo.

Baƙin ciki daban, da-na-sani daban

Nan ne nake so ki fi tsayawa, don masu koyo da yawa suna haɗe su. Baƙin ciki cewa yake na rasa abu. Da-na-sani kuma cewa yake na rasa abu kuma da hannuna. Wanda ke cikin baƙin ciki zalla, in kika tuna masa da abin da ya rage, wani lokacin yakan ji sanyi. Amma mai da-na-sani sai ya ƙara jin nauyi, saboda lissafin da yake yi a ransa shi ne "ni na kifar da ukun nan, yanzu kuma ana nuna min biyu da zan iya kifarwa", ko kuma "ban ma cancanci biyun ba". Matar da ta zo wurinki ita ta nemi rabuwa. Da kika ce "ga yaranki", ke kina nufin ni'ima, ita ko mai yiwuwa abin da ya faɗo mata shi ne yaran da take ganin ta raba su da ubansu. Kinga kofin da kika miƙa mata a matsayin cikakke, a idonta yana cikin waɗanda suka kife. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma ki sake duba zanen: babu inda aka nuna wa ya kifar da kofunan. Babu hannu, babu ƙafa da ta ture su, ba mu ga lokacin da abin ya faru ba. Wannan giɓin shi ne ƙofar da nake bi kusan kullum. Tambayata ta farko ba ta wuce "me kike gani a katin nan?", in bar mutum ya kwatanta. Ta biyu kuwa, "a ganinki ya aka yi kofunan nan suka zube?" Amsar nan ita ke gaya min da me nake aiki. In aka ce "iska ce" ko "wani ne ya zo ya ture masa", to baƙin ciki ne ko fushi. In aka ce "shi ya zubar da su, sakarci ya yi", to da-na-sani ne, kuma sautin muryar da aka faɗi "sakarci" da shi, da shi ne mutumin yake yi wa kansa magana da dare.

Wani abu kuma, ki lura ko mutum ya ambaci kofuna biyun da kansa lokacin da yake kwatanta zanen. Wasu nan take za su ce "ga biyu a bayansa". Wasu kuma wallahi sai su lissafa komai, har gada har ginin can nesa, ba su ga biyun ba sam. Wannan ba gwaji ba ne na kimiyya, kar ki ɗauke shi haka, amma a wurina yana nuna min nisan tafiyar da ke gabanmu a zaman.

Yadda wani zama ya kasance

Bari in ba ki misali ɗaya da na daɗe ina tunawa, na canza wasu abubuwa don kar a gane shi. Wani mutum ne, ya haura arba'in, mahaifinsa ya rasu wata bakwai kafin ya zo. Sun yi shekara biyu ba sa magana saboda wata gardama da ta shiga tsakaninsu. Kwana tara kafin rasuwar tsohon ya kira shi a waya, yana kallon sunan a fuskar wayar har ta katse, ya ce a ransa zai kira in ya huce. Bai kira ba. Har ranar da ya zo wurina bai goge wannan kiran da bai ɗauka ba, ya nuna min shi, da kwanan wata da ƙarfe nawa.

Kati uku na shimfiɗa, kuma ni a irin wannan ba na amfani da tsarin jiya, yau, gobe, don kalmar "gobe" tana sa mutum ya zata zan gaya masa abin da zai faru. Wuraren da nake sa wa su ne abin da kake ɗauke da shi, abin da kake kallo, da abin da ba ka kallo. Kofuna Biyar ya faɗo a na tsakiya. Na ce ya gaya min abin da ya gani. Ya ce mutum ne da ya ɓata komai yana tsaye yana kallon ɓarnarsa. Bai ambaci biyun ba, ni ma ban ce uffan a kansu ba.

Sai na sa yatsa kan kofi na farko da ya kife na ce, wannan mene ne a wurinka, sa masa suna. Ya ce Baba. Na biyu ya ɗan jima kafin ya ce damar da zan ce masa ya yafe min. Na ukun ne ya ɗauki lokaci, mun yi shiru kusan minti biyu, kin san minti biyu na shiru a ɗaki da mutum yana da tsawo, bakinki zai yi ta ƙaiƙayi ki cike wurin da magana, kar ki cike. Daga ƙarshe ya ce, ni na ɗauka ni mutumin kirki ne. Wannan shi ne ainihin abin da ya zube. A aikina na ga kofi na uku sau da yawa shi ne wannan, yadda mutum yake ganin kansa kafin abin ya faru, kuma ba ya fitowa sai an bi ta na farko da na biyu a hankali.

Daga nan muka koma kan daren kiran wayar. Ban ce masa ba laifinka ba ne, don ba zai yarda ba, kuma ba gaskiya ce cikakkiya ba, ya ga kiran kuma ya zaɓi kar ya ɗauka. Abin da na tambaye shi: a daren nan, lokacin da wayar ke ƙara, me ka sani game da lafiyarsa? Ya ce babu komai, lafiyarsa ƙalau a saninsa, babu wanda ya gaya masa tsohon na fama da wani ciwo. Na ce to da ka san saura kwana tara fa? Ya ce ai da a daren zan kama hanya. Na ce to wanda ya ƙi ɗaukar waya yana ganin akwai gobe da jibi da baɗi, shi kuma wanda yake yanke masa hukunci yau ya riga ya san ranar rasuwa, shin adalci ne na biyun ya hukunta na farko da ilimin da na farkon bai da shi?

Wannan ba hikimata ba ce. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Baruch Fischhoff, ya nuna tun a 1975 cewa da zarar mutum ya san yadda abu ya ƙare, sai ya riƙa ganin ai ƙarshen a fili yake tun farko, har ya kasa tuna yadda al'amarin yake a duhu a lokacin. Mu kuma mun daɗe muna cewa da-na-sani ƙeya ce. Aikinki a nan ki raba masa abu biyu: abin da ya yi da gaske, wanda nasa ne kuma zai ɗauka, wato fushi da jan lokaci, da kuma abin da ya ɗora wa kansa daga baya wanda ba nasa ba ne, wato wai ya san ita ce damar ƙarshe ya yi watsi da ita. Na farkon yana da nauyi amma ana iya ɗaukarsa a yi tafiya. Na biyun ne ke danne mutum ya kasa motsi.

Sai da muka kai kusan minti arba'in, ya yi kuka ya share, kafaɗunsa sun ɗan sauko, ya jingina da kujera, sannan na tura masa katin na ce ka sake kallo, akwai abin da ba ka ambata ba ɗazu? Ya duba ya ce au, akwai wasu a bayansa. Na ce eh. Ban ce su ne kaza da kaza ba, tambayarsa na yi, in da mutumin nan zai ɗan juya kansa kawai, ba sai ya tafi ko'ina ba, me zai tarar?

Ya ce ƙanwarsa. Ita ce ta zauna da tsohon a kwanakin ƙarshe, kuma tun bayan rasuwar yake guje mata don kunya, ta kira ya fi sau goma yana ba ta amsa a gajarce. Yana faɗin haka sai ya tsaya da kansa, don ya ji abin da ya faɗa: ga wata wayar tana ƙara yana kallo. Da ni na nuna masa wannan da ya zama wa'azi, watakila ma ya ji kamar na soke shi. Da ya ji shi daga bakinsa, babu abin da na ƙara.

Kofi na biyu ya ce bai sani ba. Na ce ba komai, mu bar shi babu suna. Wannan ma ki koya, ba dole ba ne a cike biyun a zama ɗaya, kuma mutumin da ya ba ki amsa biyu da sauri cas-cas, "lafiyata da aikina", sau da yawa so yake ya faranta miki a tashi. Bayan sati shida ya dawo. Ya je wurin ƙanwar, ta gaya masa abin da tsohon ya kira ya faɗa, ashe ba wata babbar magana ba ce ta sulhu, so yake ya tambaye shi yadda ake gyara wani abu a wayarsa. Ya ce da farko abin ya ba shi haushi, daga baya ya gane ai tsohon nan bai taɓa iya cewa yi haƙuri ba a rayuwarsa, in yana son shiri sai ya nemo wani ɗan dalili ya kira ka. Kuma shi ma haka yake yi da ɗansa. Nan na tuna da maganar Waite ta gadon da bai zo yadda aka zata ba. Shi ya sa wa kofi na biyun suna: ya san halin da ya gada, kuma ɗansa yana raye.

Ya za ki gane lokaci ya yi

Babu agogon da zai gaya miki, minti arba'in ɗin nan da na ce misali ne kawai. Amma akwai alamu. Mutum ya daina maimaita labarin da kalmomi iri ɗaya ya fara kawo sabon bayani. Ya fara cewa "yanzu" ko "jiya na", maimakon "da a ce". Ya ambaci wani mai rai da kansa ba ki tambaya ba. Numfashinsa ya sauka. Wani ma sai ya ɗauki katin a hannu ya kawo shi kusa da ido. In ba ki ga ko ɗaya ba har lokaci ya ƙare, to zaman ranar na kofuna uku ne, ki rufe shi a haka, ki ce masa akwai sauran abu a katin nan da za mu duba wani lokaci. Bai tafi hannu wofi ba, ya samu wanda ya ƙirga asarar tare da shi.

Kar kuma ki zata in mutum ya juya sau ɗaya shi ke nan ya juya. Wasu masu bincike biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana a 1999 cewa mai jimami kai-komo yake yi, yau yana fuskantar rashin, gobe yana fuskantar hidimar rayuwa, jibi ya koma, kuma wannan kai-komon shi ne lafiya. Don haka in ya dawo bayan wata biyu katin ya sake fitowa, yana kuka kamar ranar farko, ba koma-baya ba ne kuma ba aikinki ne ya lalace ba. Ni har nakan ce musu mutumin da ke cikin katin wuya gare shi, yana iya kallon gaba ya kalli baya sau ɗari.

Kan gada da ginin can ƙetare, ni ba na saurin zuwa wurinsu. Littattafai da yawa za su ce miki gada hanyar komawa gida ce, a ƙarfafa wa mutum gwiwa ya haye. To amma wanda ko kansa bai iya juyawa ba, ina shi ina tafiya har bakin kogi. Nakan ajiye ta sai zama na biyu ko na uku, kuma tambayar da nake yi ƙarama ce, wa yake can a gidan? In katin ya fito kai ƙasa kuwa, akasarin masu karatu na yanzu suna ɗaukarsa alamar an fara farfaɗowa, an fara yafe wa kai. Yana iya zama haka. Amma na sha ganin ya fito a juye ga mutumin da ke cewa "ai ni na wuce wurin, ba komai" alhali ko sau ɗaya bai tsaya ya kalli abin da ya zube ba. Irin wannan aikinki da shi a juye yake shi ma, ukun za ki taimaka masa ya gani.

Akwai karin maganar da ke cewa in ruwa ya zube ya bar tulu ya yi kyau, kuma kamar don katin nan aka yi ta. Amma kar ki kuskura ki faɗa wa wanda ruwansa ya zube jiya, daidai take da abin da kika gaya wa matar nan. Mai tulun ne ke faɗinta, bayan ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa ya ji bai tsage ba.

Inda katin ya tsaya

Ni a wurina katin hoto ne da ke ba mutum damar yin magana kan kansa ta bakin wani, "mutumin nan ya ɓata komai" ya fi sauƙin fita daga "na ɓata komai". Bai san gaibu ba, ni ma ban sani ba. Mutumin da na ba ki labarinsa ya tambaye ni kai tsaye ko mahaifinsa ya yafe masa kafin ya rasu, na ce masa kati ba zai iya gaya mana wannan ba, kuma duk wanda ya ce maka ya gani a kati yana sayar maka da abin da bai mallaka ba. Za a matsa miki da irin tambayar nan, "zai dawo?", "da na zauna da ya gyaru?", kuma za ki ji kwaɗayin ki ce eh don ki ga fuska ta saki. Kar ki yi. Daɗin na kwana biyu ne, bayan nan sai ya dawo neman wani eh ɗin, ki wayi gari ya dogara da ke.

Sannan akwai inda ya kamata ki ajiye katin gaba ɗaya. In mutum ya ce gara ma ya bi wanda ya rasu, ko ba shi da amfani a duniya, ko yaransa za su fi jin daɗi ba shi, ki tattara katunan ki tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da bai da shi. In ya ce eh, kar ya bar wurinki sai an haɗa shi da wani nasa da kuma likita a ranar. Haka in watanni sun ja, ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina zuwa aiki, kullum tunanin mamacin ya hana shi komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jimamin da ya zarce a jerin cututtukan da take lissafawa, in ya wuce aƙalla wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa, kuma akwai masu horo na musamman kan wannan. Ni ba likita ba ce, ke ma haka, kuma na fi son a ce na tura mutum wurin likita ba a buƙata ba da a ce na riƙe shi ina ta shimfiɗa masa kati.

Wani iyakar kuma, wani lokacin da-na-sanin gaskiya ne tsantsa. Mutum ya cuci wani, ya sani sarai lokacin da yake yi. A nan tambayar "me ka sani a lokacin" ba za ta sauke masa komai ba, kuma bai kamata ki nemo masa uzurin da babu ba. Kofunan da suka rage masa su ne abin da har yanzu zai iya gyarawa: wa ke raye da za a nemi yafiyarsa, me za a iya mayarwa.

Ita kuma matar da ta tashi ta tafi, in kina da lambarta ki tura mata saƙo gajere, kar ki yi bayanin kati, kar ki kare kanki. Wani abu kamar: "Yaya, na yi ta tunanin zamanmu. Na yi saurin magana ban tsaya na ji abin da kika rasa ba, ki yi haƙuri. In kin so ki dawo, wannan karon ke za ki yi magana." Wataƙila ta dawo, wataƙila ba za ta dawo ba, kar ki bi ta da saƙo na biyu. In ta dawo, ki ciro katin da hannunki ki ajiye a gabanta ba sai kin sake cakuɗa su ba, ki sa yatsa kan kofi na farko da ya kife ki tambaye ta sunansa. Kuma ki shirya jin cewa mijin ba ya ma cikin ukun.